Kilo 23 da Takardar Umma: Yadda Jerin Kaya Ke Zama Gajeren Labari

Duk gidan da ya taɓa tura ɗalibi karatu ƙasar waje ya san takardar nan. Yawanci daga littafin makarantar ƙanne ake yago ta, uwa ta zauna da biro tana rubuta abin da za a sa a akwati: kuka, daddawa, yaji, bargo, darduma, maganin mura. Wasu an soke su, wasu an ja musu layi biyu, wasu kuma an ƙara su a gefe da wani biro daban domin sai da dare ya raba aka tuna da su. Da jirgi ya tashi, takardar ta gama aikinta, sai ta bi shara.

Marubuta gajeren labari sun daɗe da gane cewa irin wannan takarda tana iya ɗaukar labari sukutum. Ba a buɗe shi da "wata rana", ba a siffanta fuskar kowa, ba a ce wance ta yi kuka. Kaya kawai ake jerowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar magana a gefensa, mai karatu ya tsinci gidan da mutanen cikinsa da abin da ke damunsu daga cikin kayan.

Salon yana da magabata sanannu. Tim O'Brien, Ba'amurke da ya yi yaƙin Vietnam, ya fitar da littafinsa The Things They Carried a 1990, kuma labarin farko a ciki an gina shi ne a kan abin da kowane soja yake ɗauke da shi, har da nauyin kayan. Bindiga da harsashi kowa na da su, amma wani na ɗauke da wasiƙun budurwa, wani da littafin addininsa, kuma daga nan ake sanin waye waye. Kafin shi, a 1978, Jamaica Kincaid 'yar tsibirin Antigua ta buga wani ɗan labari mai suna Girl a mujallar The New Yorker. Bai kai kalma dubu ba. Daga farko har ƙarshe umarni ne uwa ke jero wa 'yarta a kan wanki da girki da zama da mutane, kuma sau biyu kacal 'yar ta samu ta sa baki. Wanda ya karanta shi zai fito ya san tsoron uwar da ƙuncin 'yar, alhali ba a ambaci ko ɗaya ba.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan fanni. Matan da ke zuwa ganin lefe ba kaya kawai suke ƙirgawa ba. Daga yawan turame da irin atamfa da abin da aka rasa a akwati suke karanta halin ango da ƙarfin gidansu da irin darajar da aka ba amarya.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan salo ya fi dacewa da uwa Bahaushiya fiye da kowa, wato kunya. A gidaje da yawa har yau uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta rungume shi ta ce za ta yi kewarsa. Marubucin da ya sa irin wannan uwa ta tsaya a tsakar gida tana zuba kalaman so ya yi mata ƙarya, kuma duk macen da ta karanta za ta ji ƙaryar. To ina son zai bi ya fito? Ta cikin kayan yake bi. Uwar da ba za ta iya cewa "ina tsoron ki yi rashin lafiya ba na kusa" ba, ita ce za ta rubuta maganin mura sau biyu a takarda ɗaya ba ta lura ba.

Sai dai jeri shi kaɗai ba labari ba ne. Labari yana son abin da zai matsa wa mutum ya yi zaɓi, kuma a daren haɗa kaya wannan abin a shirye yake: sikeli. Yawancin kamfanonin jiragen da ke tashi daga Kano ko Abuja zuwa ƙasashen waje suna ba mai ƙaramin tikiti akwati biyu, kowanne kada ya wuce kilo 23, sai jakar hannu ta kilo bakwai ko takwas. Akwatin kansa, babu komai a ciki, yana cin kusan kilo huɗu. Uwa tana da abin da take son bayarwa na shekara goma sha takwas, an ce ta tsaya a kilo goma sha tara. Duk abin da ya shiga, wani abu zai fita, kuma abin da ta zaɓa ta fitar shi ne ke bayyana ta.

Ga misali da aka tsara don a ga yadda aikin ke tafiya. Wata uwa a Kano, 'yarta ta fari ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Birtaniya, za ta tashi gobe, cikin watan Satumba lokacin da ake buɗe zangon karatu a can. Akwati ɗaya na tufafin yarinyar ne, ita ta haɗa abinta. Na biyun kuwa uwar ta ce a bar mata.

Abu na farko a takardar bai kamata ya zama mai taɓa zuciya ba. Ya zama na aiki, domin a nan ake kafa wuri da lokaci ba tare da dogon bayani ba. Sai a rubuta: "Fasfo, takardar makaranta, takardar gwajin tarin fuka. A jakar hannu, ba a akwati ba. Abbanku ya yi hoton kowanne sau biyu." Da wannan layi an san ƙasar da za a je, domin Birtaniya tana neman shaidar gwajin tarin fuka ga ɗan Najeriya da zai zauna fiye da wata shida. An san akwai uba a gidan, an san shi mai taka-tsantsan ne, an kuma ji muryar uwar: gajeriya, mai ba da umarni, ba ta kiran sunan wadda take yi wa magana.

Daga nan sai kayan miya, kuma nan ne wurin da ya kamata marubuci ya ɗan zauna, domin nan ne hannun uwar ya fi ƙwarewa. Kuka kilo ɗaya, an tankaɗe ta sau biyu. Busasshiyar kuɓewa. Yaji, wanda aka rage wa barkono saboda cikin yarinyar ba ya son zafi. Daddawa, an ɗaure ta a leda uku sannan an sa a roba mai murfi, don kada tufafi su ɗauki wari. A kan kowace leda ƙanin yarinyar ya manna takarda ya rubuta sunan abin da Turanci, saboda jami'in da zai buɗe akwati ya ga koren gari ya san ganye ne na miya. Ba a ce uwar tana son 'yarta ba, amma an ga ta san cikinta, ta san hancin baƙi, ta kuma yi tunanin abin da zai iya ba yarinyar kunya a filin jirgi tun kafin ya faru.

Abu na bakwai ko na takwas ne ya kamata ya kawo matsala. "Kilishi, kilo biyu, daga Gwaggo. Man shanu, kwalba ɗaya, daga Hajiya." An rufe akwati, ƙanin ya hau sikelin banɗaki shi kaɗai, ya sake hawa rungume da akwatin, aka cire nauyinsa. Kilo 28. Biyar sun yi yawa.

Uku daga ciki doka ce za ta fitar da su. Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama ko abin da aka yi da madara ba, ko busasshe ne ko dafaffe, kuma wanda aka samu da shi ƙwacewa ake yi a lalata. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun faɗa ciki. Busasshen kifi kuwa an yarda da shi, haka ma zuma idan ba ta wuce kilo biyu ba. Yarinyar ce ta san wannan, ta karanta a wayarta, sai ta ce, "Umma, ba za su bari ba, zubarwa za su yi." A takarda abin da za a gani shi ne layi a kan kilishi, da 'yar magana a gefe: "Kada a faɗa wa Gwaggo. Yara su cinye yau." A cikin wannan layi ɗaya akwai zumunci gaba ɗayansa: ƙanwar uba da ta kashe kuɗin da ba ta da shi, da matar wa da ba za ta yarda a mayar mata da kyautarta ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan, wato karo na farko da 'yar ta san abin da uwar ba ta sani ba game da inda za ta.

Sauran kilo biyun babu dokar da za ta taimaka, kuma nan ne zuciyar labarin take. Akwai bargo mai kilo uku, akwai 'yar tukunya mai kilo biyu. Yarinyar ta ce a cire bargon, ana sayarwa a can, ɗakunan ma akwai na'urar ɗumama su. Gaskiya ta faɗa. Amma uwar ta ji an ce a watan Disamba rana na faɗuwa a can kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma sanyin da ta sani mafi tsanani shi ne na hunturun Kano, wanda aka ce mata wasa ne a kan nasu. Ba za ta cire bargo ba. "Ke, bar shi," shi ne duk abin da ta ce. Tukunyar ce ta fita.

Marubuci mai gaggawa zai so ya rufe da zanin goyo: uwa ta ɗauko tsohon zanin da ta goya yarinyar da shi ta cusa a ƙasan akwati. Abin yana taɓa zuciya, amma kowa ya hango shi tun daga nesa, kuma zai dace da kowace uwa a kowane labari. Abin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya fito daga matsalar da aka riga aka gina. Tukunya ta fita, to me zai maye gurbinta wanda ba shi da nauyi? Gwangwanin madara, fanko, wanda aka shekara ana awon shinkafa da shi a gidan. Duk girkin da yarinyar ta iya da wannan gwangwani ta koye shi. Sai uwar ta rubuta: "Gwangwanin awo. Shida na gida." Ta soke. "Ɗaya na mutum ɗaya." Ta sake sokewa. "Rabi. In bai isa ba ki ƙara." Matar da ta shekara ashirin tana girki ba ta taɓa auna abincin mutum ɗaya ba, kuma yau ta gane 'yarta za ta riƙa cin abinci ita kaɗai. Babu buƙatar a ƙara ko kalma a kai. Sokewar nan biyu sun yi aikin da shafi guda na hawaye ba zai yi ba.

Daga wannan misali ana iya ganin cewa kayan aikin marubucin a nan kaɗan ne, kuma dole ya san kowanne. Yana da tsarin jerin, wato me ya zo kafin me. Yana da adadi, domin "sabulu" daban yake da "sabulu goma sha biyu, ɗaya kowane wata", wanda ya nuna uwar ta riga ta ƙirga cewa ba za a dawo hutu ba sai shekara ta zagayo, saboda tsadar tikiti. Yana da sokewa da gyara. Yana kuma da lokaci, wanda ake nunawa a kaikaice: a farkon takarda ana maganar baƙi masu zuwa sallama bayan isha'i, a tsakiya an ɗauke wuta ana aiki da fitilar waya, a ƙarshe an ji kiran assalatu.

Inda irin wannan labari ya fi lalacewa shi ne a ce jerin ya tsaya cik. Kaya ashirin, kowanne da 'yar magana mai daɗi, amma na ashirin bai san da na farko ba. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan. A yanka takardar, kowane abu a ƙyallensa, a cakuɗa su a sake jerawa yadda aka ga dama. Idan labarin bai yi asarar komai ba, to dama babu labari, tarin tsaraba ne. A misalin da ya gabata ba za a iya kawo gwangwani kafin tukunya ta fita ba, tukunya kuma ba za ta fita ba sai sikeli ya yi magana.

Kuskure na biyu shi ne fassara kaya. Marubuci ya rubuta "darduma", sai ya ji tsoron kada mai karatu ya kasa ganewa, ya ƙara da cewa uwar ta sa ta ne domin tana fargabar 'yarta ta yi sakaci da addini a ƙasar Turawa. Ya kashe abin. Da ya rubuta "Darduma, tawa, ba sabuwar ba", ya wuce, da mai karatu ya yi sauran aikin da kansa kuma ya fi jin sa a jiki. Alamar wannan cuta ita ce yawan "domin" da "saboda" a bayan kowane abu.

Na uku kuwa rashin sanin gaskiyar tafiya ne, kuma masu karatu da yawa yanzu sun yi tafiyar ko sun raka wanda ya yi. Wanda ya sa babbar kwalbar humra a jakar hannu ta wuce bincike lafiya ya manta cewa ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada ruwa ko turare ya wuce mililita 100 a kwalba ɗaya. Babba sai a akwati. Fawa-bank kuma akasin haka ne, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a yarda a sa shi cikin akwatin da zai shiga ƙarƙashin jirgi ba saboda haɗarin gobara. Turaren wuta zai iya isa lafiya, amma ɗakunan kwanan ɗalibai a Birtaniya suna da na'urar gano hayaƙi, kuma galibinsu sun hana kunna kyandir da turare. Marubucin da ya san wannan ya samu wani abin sokewa mai ciwo, domin ƙamshin ɗakin uwa ne aka ce ba zai shiga ba. Dokokin nan suna canzawa, don haka wanda zai rubuta ya duba na shekarar da labarinsa ya faru.

Ƙasar da za a je ma tana sauya takardar daga sama har ƙasa. Mai zuwa Azhar a Alƙahira ko wata jami'a a Malesiya ba shi da damuwar naman halal, kuma mai zuwa Malesiya ba ya buƙatar bargo mai kilo uku. Shekara ma tana sauya ta. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, lokacin da aka kwashe ɗaliban Najeriya daga Khartoum a motocin bas zuwa iyakar Masar, da yawa sun bar kayansu a baya, babu mamaki uwar da ke haɗa kaya ta ƙara abin da a da ba zai zo mata a rai ba: 'yar jaka da ake ratayawa a ƙarƙashin riga, da 'yan daloli, da lambar waya a rubuce a takarda ko da waya ta mutu. Idan jerin da marubuci ya tsara zai dace da Alƙahira da Landan da Kuala Lumpur ba tare da an canza komai ba, bai riga ya san inda yarinyarsa za ta ba.

Salon yana da iyakarsa, kuma gara a faɗe ta. Ba ya ɗaukar mutane da yawa; uwa da 'ya, sai wasu biyu ko uku da ake jin motsinsu daga gefe. Ba ya ɗaukar dogon lokaci, dare ɗaya ne. Ba ya kuma jure tsawo, domin bayan kaya goma sha biyar ko makamancin haka ido yana gajiya da jeri komai kyansa. Murya ɗaya ce ke riƙe da biro, saboda haka duk abin da 'yar ke ji sai dai a hango shi ta cikin abin da ta ce a cire. Wanda ke son ya ba da labarin rigimar da aka yi a dangi kafin a yarda mace ta tafi karatu ita kaɗai, zai iya nuna inuwarta a layi ɗaya, misali hijabai shida da kawu ya aiko ba a tambaye shi ba, amma rigimar kanta tana buƙatar wani salon.

Wannan ƙanƙanta kuwa ita ce ta sa ya dace da inda gajeren labarin Hausa yake a yau. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma kaya goma sha biyu zuwa sha biyar, kowanne da kalma ɗari ko ƙasa da haka, sun cika wannan awo daidai. Labarin kuma yana karantuwa a waya, yana kuma sauraruwa a rediyo, domin kowane abu a jerin numfashi ɗaya ne.

Masu sha'awar gwada wannan salo, musamman matan da suka taɓa haɗa irin wannan akwati da hannunsu ko aka haɗa musu, su fara da neman takarda ta gaske. A tambayi uwa ko yaya ko maƙwabciya me ta sa, me sikeli ya sa ta cire, wa ya kawo abin da aka cire ɗin, kuma me ta mayar a ɓoye bayan kowa ya kwanta. Idan kuma akwai mai tafiya a gidanku a wannan shekara, a adana takardar bayan an dawo daga filin jirgi, kada a bari ta bi shara.